Ƙyanda, ƙarambau da sanƙarau a iyakar Bagudo: ƙurajen da za a jinyata a gida da waɗanda ba sa jiran wayewar gari

Daga tsakiyar hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko, zazzaɓi mai zuwa da ƙuraje yakan yawaita a tsakanin yaran arewa maso yammacin Najeriya. A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi lamarin yana da wani ƙarin nauyi, domin garuruwa irin su Tsamiya da Lolo suna bakin iyakar Jamhuriyar Benin, inda ake auratayya da cin kasuwa da halartar suna tsakanin ɓangarorin biyu, daga Segbana har Malanville. Yaron da ya kwashi cuta a wancan ƙetare yana iya kwanciya jinya a wannan, kuma babu jami'in kan iyaka da zai ga komai a jikinsa ranar da ya wuce.

Tambayar da iyaye suka fi yi idan ƙuraje suka feso ita ce: wace cuta ce wannan? Tambaya ce mai kyau, amma ta biyu ce. Ma'aikacin lafiya da ya ƙware yakan fara duba yaron kansa kafin ya duba fatarsa: yana shan nono, yana numfashi daidai, yana cikin hayyacinsa? Akwai alamomi huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba wajen duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kowace ɗaya daga cikinsu ta isa a kama hanyar asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Su ne yaro ya kasa sha ko kama nono, ko ya riƙa amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko jikinsa ya saki har a yi ta tashinsa ya kasa farkawa sosai. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili, da ƙuraje ko babu.

Ƙurajen da ba sa dushewa

Mafi gaggawa a cikin ƙurajen da ke zuwa da zazzaɓi ba ƙyanda ba ce. Ƙwayar cutar da ke haddasa sanƙarau takan shiga jini wani lokaci, ta fasa ƙananan jijiyoyi, sai jini ya riƙa tsattsafowa a ƙarƙashin fata. Abin yakan fara kamar ɗigon tsinin allura, ja ko baƙi-baƙi, sannan ya faɗaɗa ya zama kamar tabon duka. Ana gane shi da gwaji mai sauƙi: a danna gefen kofin gilashi a kan wurin. Ƙurajen ƙyanda da yawancin sauran sukan dushe idan an danna su, su dawo idan an saki. Waɗannan ba sa dushewa, domin jini ne da ya riga ya fita daga jijiya. A baƙar fata ganinsu yana da wuya, saboda haka ake duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido da ganɗa, inda fata ta fi haske.

Yaron da ke da zazzaɓi da irin wannan tabo yana iya mutuwa cikin yini guda, kuma maganinsa allurar kashe ƙwayoyin cuta ce da ake yi a asibiti. Babu abin da kyamis na unguwa zai bayar da zai maye gurbinta. Sai dai kada a jira tabon, domin sanƙarau da yawa yakan zo ba tare da ƙurji ko ɗaya ba. Sanƙarewar wuya, matsanancin ciwon kai, gudun haske, ko kumburin maɗiga ga jariri, duk sun isa. Jihar Kebbi ta san wannan cuta: a watan Maris na 2025 gwamnatin jihar ta sanar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar da ta shafi Gwandu da Aliero da Jega.

Bambanta ƙyanda da ƙarambau

Sama da shekara dubu da suka wuce, likitan nan Abubakar ar-Razi ya rubuta littafi a kan bambancin agana da ƙyanda, abin da ke nuna cewa rikita cututtukan ƙuraje tsohuwar matsala ce. An kawar da agana daga duniya, aka tabbatar da haka a 1980. Ruɗanin da ya rage a gidajenmu yanzu tsakanin ƙyanda ne, wadda ake kuma kira baƙon dauro, da ƙarambau, wanda wasu ke kira farankama.

Ƙyanda ba ta farawa da ƙuraje. Takan fara da zazzaɓi mai zafi da tari da majina da jan ido mai hawaye, na kwana biyu zuwa huɗu, har iyaye su ɗauka mura ce. A wannan lokaci, idan aka haska cikin kumatu, wani sa'in akan ga wasu fararen ɗigo ƙanana kamar ƙwayar gishiri. Daga nan ƙuraje su ɓullo a bayan kunne da goshi, su gangaro fuska da wuya da ƙirji, su kai hannuwa da ƙafafu cikin kamar kwana uku. Ba su ɗauke da ruwa. A baƙar fata sau da yawa an fi jin su da hannu fiye da a gan su da ido, wani kaushi-kaushi kamar an barbaɗa tsaba. Bayan kwana biyar ko shida sukan tafi bisa tsarin da suka zo, daga sama zuwa ƙasa, fata ta riƙa saɓa kamar dusa.

Ƙarambau ya bambanta ta kusan kowace fuska. Zazzaɓinsa bai cika tsanani ba, kuma ƙurajen sukan zo tare da shi ko kwana ɗaya bayansa. Sun fi yawa a ciki da baya da fatar kai. Kowane ƙurji yakan fara ja, ya taso, ya tara ruwa kamar ɗigon raɓa, ya fashe, ya yi ɓawo. Da yake sababbi suna ci gaba da fitowa na kwanaki, a wuri guda za a tarar da mai ruwa da mai ɓawo da wanda ya fara ɓullowa. Wannan cakuɗuwa ita ce babbar shaidarsa, tare da ƙaiƙayi mai hana barci. Idan kuwa ƙuraje masu ruwa duk suna mataki ɗaya, suna da tauri da zafi, sun fito har tafin hannu, ga kaluluwa a wuya ko hammata, to a je a gwada ƙyandar biri.

Ga mafi yawan yara masu ƙoshin lafiya, ƙarambau cuta ce da ake jinyarta a gida: a yanke farce, a yi wanka da sabulu a hankali, a ba da ruwa da abinci, a ba da farasitamol gwargwadon nauyin yaro. Ba a ba yaro asfirin a wannan hali, domin yana iya jawo wata mummunar lalura da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Likitoci suna kuma hana ibufurofen, saboda an danganta shi da tsananta ruɓewar fata a ƙarambau. Matsalar a nan ita ce magungunan da ake ƙullawa a leda ba tare da suna ba, waɗanda uwa ba ta da hanyar sanin abin da ke cikinsu. Ana kai mai ƙarambau asibiti idan gefen wani ƙurji ya kumbura ya yi zafi yana faɗaɗa, ko zazzaɓi ya wuce kwana huɗu, ko ya tafi ya dawo, ko yaro ya fara tangaɗi a tafiya, ko numfashi ya yi wuya. Mai juna biyu da ba ta taɓa yin cutar ba, da jariri sabon haihuwa, da yaro mai tamowa ko raunin garkuwar jiki, su ba a jira wata alama. Mafi haɗari shi ne uwar da ƙurajen suka fito mata tsakanin kwana biyar kafin haihuwa da kwana biyu bayanta, domin jaririnta zai iya kamuwa ba tare da ya gaji kariya daga gare ta ba. Rigakafin ƙarambau ba ya cikin jerin alluran da gwamnati ke yi wa yara kyauta a Najeriya.

Lissafin kwanakin ƙyanda

Ƙyanda ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ta fi kisa, kuma kuskuren da ake yi da ita kuskuren lokaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe mutum kusan 107,500 a shekarar 2023, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Bari mu ɗauki misali mu bi shi kwana-kwana.

A ƙaddara yarinya 'yar wata goma sha huɗu a wani ƙauye kusa da Tsamiya, wadda ba a taɓa yi mata allurar ƙyanda ba. Mahaifiyarta ta goya ta zuwa sunan 'yar uwa a ɓangaren Segbana, suka yini a ɗaki ɗaya da wasu mata da yara, cikinsu har da wani yaro mai tari da jan ido wanda ƙuraje ba su fito masa ba tukuna. Ba sai ta taɓa shi ba. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma a cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna kusa da shi, tara za su iya kamuwa. Da a ce an san abin da ke jikin yaron, allurar rigakafi cikin kwana uku da haɗuwar tana iya hana cutar ko ta rage ƙarfinta. Ba wanda ya sani, sai wannan dama ta wuce.

Kwana goma yarinyar tana wasanta lafiya lau. A rana ta goma zazzaɓi ya fara, da tari da majina. Aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da gwaji ba, aka ci gaba da goya ta zuwa kasuwa da gidajen maƙwabta. Nan ne cutar ta fi yaɗuwa, domin mai ƙyanda yana harbin wasu tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, har kwana huɗu bayan fitowarsu. A rana ta goma sha huɗu ƙuraje suka ɓullo a bayan kunne, kakarta ta duba ta ce baƙon dauro ne. Ta faɗi gaskiya, tsofaffi ba su cika kuskure a wannan ba. Inda ake samun matsala shi ne shawarar da takan biyo baya: a rufe yarinya a ɗaki, kada a yi mata wanka, kada a kai ta asibiti don kada allura ta mayar da ƙurajen ciki.

Keɓe ta daga sauran yara daidai ne. Sauran kuwa babu tushe a cikinsu. Ƙuraje ba sa komawa ciki. Alama ce kawai ta cewa garkuwar jiki tana yaƙi da cutar, kuma ba su ke kisa ba. Ranar da suka fito ita ce ranar da ya kamata a kai ta cibiyar lafiya, ko da tana ci tana sha, a kuma sanar da ma'aikata tun daga ƙofa don kada a zaunar da ita cikin jarirai masu jiran awo. Dalilin zuwan shi ne bitamin A. Ƙyanda tana ƙarar da wanda ke jiki, shi ne kuwa ke kare ido da hanji da hanyar numfashi. Ana ba da shi sau biyu, yau da gobe. Yaro mai shekara ɗaya zuwa sama, kamar wannan yarinya, ana ba shi awo 200,000 kowane karo. Mai wata shida zuwa goma sha ɗaya 100,000. Wanda bai kai wata shida ba 50,000. Idan ido ya nuna alamar rashin bitamin ɗin, akan ƙara na uku bayan 'yan makonni. Babu maganin da ke kashe ƙwayar ƙyanda kanta, amma wannan ɗan ƙwanso mai araha yana rage mace-mace da makanta. A zuwan ne kuma za a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, tunda cututtukan biyu suna iya haɗuwa, a auna damtsenta a ga ko akwai tamowa.

A ce ba a je ba. A rana ta goma sha tara ƙurajen fuska sun fara dushewa, gida ya fara murna, amma zazzaɓi bai sauka ba. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowanne haɗari. A ƙyandar da ke tafiya daidai, zazzaɓi yakan sauka bayan kwana uku ko huɗu da fitowar ƙuraje. Idan ya zarce, ko ya sauka ya dawo, alama ce ta cewa wata cuta ta biyu ta shiga, galibi ciwon huhu, wanda shi ne ke kashe mafi yawan yaran da ƙyanda ke ɗauka.

Ana iya gano shi a gida da agogon waya. A bari yarinya ta natsu, a ɗaga rigarta, a ƙirga sau nawa cikinta ke ɗagawa a minti ɗaya cikakke. Ga mai shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye saurin numfashi ne. Ga mai wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 50 ko fiye. Idan aka ƙirga wa wannan yarinya 48, tana bukatar ganin ma'aikacin lafiya a ranar, ba gobe ba. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa ciki lokacin da take jan numfashi, ko ana jin wani gurnani mai kaushi a maƙogwaronta alhali ba kuka take ba, to abin ya kai na babban asibiti, inda akwai iskar oksijin.

Sai ido. Ja da hawaye ɓangare ne na cutar, mugunya kuma tana bukatar man ido daga cibiyar lafiya. Amma idan baƙin ido ya fara yin hazo ko fari-fari, ko yarinya ta ƙi buɗe ido gaba ɗaya, kwanaki kaɗan suka rage kafin ya tsiyaye. Kwalli da ruwan ganye da ɗigon idon da aka saya ba da umarnin likita ba suna iya gaggauta ɓarnar. Haka ma gyambon baki mai zurfi da ke hana ci, da gudawar da ta sa ido ya faɗa, fatar ciki ta ƙi komawa da sauri idan an mintsine ta. Ruwan gishiri da sukari da ci gaba da shayarwa su ne abin yi a kan hanya, ba madadin tafiyar ba.

Ko bayan an warke ba a gama ba. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa ƙyanda tana goge wani kaso na kariyar da jikin yaro ya tara daga cututtukan da ya yi a baya, daga kashi 11 har zuwa 73 cikin ɗari a yaran da aka gwada. Shi ya sa yaron da ya tashi daga ƙyanda yakan yi ta laulayi na watanni, ya rame, gudawa da tari su riƙa dawowa. Yana bukatar ƙarin abinci da awo a kai a kai. Su kuwa yaran da yarinyar ta harba a kasuwa da maƙwabta, nasu ƙurajen za su fara fitowa kamar mako biyu bayan nata.

Abin da ke kan hukuma

A tsarin sa ido kan cututtuka da Najeriya ke bi, duk yaron da ya zo da zazzaɓi da irin waɗannan ƙuraje, tare da tari ko majina ko jan ido, ana ɗaukarsa wanda ake zargi da ƙyanda. Dole cibiyar lafiya ta sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a ɗebi jini cikin kwana 28 da fitowar ƙuraje a aika gwaji. Idan aka samu mutum biyar da ake zargi cikin wata guda a yanki ɗaya, ana zargin ɓarkewa. Idan gwaji ya tabbatar da uku, ta tabbata, daga nan ne ake iya neman allurar gaggawa ga yankin. Ma'anar wannan ita ce yaron da aka ɓoye a ɗaki ba ya cikin lissafi, kuma ƙauyen da ya binne yara biyar shiru, a takarda lafiyarsa ƙalau. Kowa na iya kai rahoto, ta hannun mai unguwa ko cibiyar lafiya ko layin kyauta na hukumar NCDC, 6232.

A bakin iyaka lissafin yakan rabu biyu. Yara uku a ɓangaren Bagudo da uku a ɓangaren Segbana ɓarkewa ɗaya ce ta yara shida, amma kowace ƙasa uku take gani, ƙasa da adadin da zai ta da ƙararrawa. Sai jami'an ɓangarorin biyu suna musayar bayani kai tsaye za a ga hoton gaba ɗaya. Rufe iyaka ba ya maganin wannan. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 saboda fasa-ƙwauri, zumunta ba ta tsaya ba. Kuma ko da an tsaurara bincike, yaron da ke cikin kwanaki goman farko ba shi da alamar da za a gani. Katin rigakafi ma yana rikitarwa: na Najeriya da Turanci yake, na Benin da Faransanci, inda ake kiran ƙyanda rougeole. Ma'aikacin da bai san kalmar ba zai iya ɗauka ba a yi wa yaro ba, ko ya ɗauka an yi. Idan ana shakka, ƙa'ida ita ce a yi allurar, tunda ƙari ba ya cutarwa.

Jadawalin Najeriya ya tanadi allurar ƙyanda sau biyu, a wata tara da wata goma sha biyar. Ta farko tana kare kimanin yara 85 cikin ɗari, saboda kariyar da jariri ya gada daga uwa takan dakushe ta a jikin wasu. Ko da an yi wa kowane yaro a gari ta farkon, goma sha biyar cikin ɗari suna nan a buɗe, alhali ana bukatar kashi 95 su samu kariya kafin ƙyanda ta kasa yaɗuwa. Ta biyun ce ke cike giɓin, ita ce kuma aka fi mantawa da ita, domin iyaye da yawa sun saba ɗaukar allurar wata tara a matsayin ta sallama. A watan Oktoban 2025 Najeriya ta fara gangamin rigakafin ƙyanda da rubela ga yara daga wata tara zuwa shekara goma sha huɗu, jihohin arewa na cikin zangon farko. Gangami yana share tarin waɗanda aka tsallake, amma jariran da aka haifa bayansa sai cibiyar lafiya ta mazaɓa, da firjinta mai aiki da ma'aikacin da zai hau babur ko kwalekwale zuwa rugage da ƙauyukan bakin Kwara.

Tun 2014 dokar lafiya ta ƙasa ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa yana zuwa kai tsaye ga cibiyoyin mazaɓu da aka yi wa rajista. Matashin da ke son bin diddigi a Illo ko Ka'oje ko Zagga yana da tambayoyin da ake amsawa da takarda: yara nawa aka yi wa allurar wata tara a cibiyar bara, nawa daga cikinsu suka dawo ta wata goma sha biyar, akwai bitamin A a kan kanta yau, kuma idan aka kawo yaro mai lotsawar haƙarƙari da ƙarfe biyun dare, wace mota ce za ta kai shi babban asibiti, wa zai biya kuɗin mai.